Kafin a biya kuɗin zango, a karanta ƙa'idojin addini na makarantar

'Yata ta samu gurbi a wata makarantar kwana ta mishan a Jos. Karatunsu da kyau, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Sun ce sai na biya kuɗin zango za su ba ni takardar ƙa'idojinsu. In biya? — Wata uwa, Bauchi

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, amma kada ki fitar da ko kwabo sai kin karanta. Kuɗin zango in ya shiga asusun makaranta da wuya ya dawo.

Doka tana bayanki. Sashe na 38(2) na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Sashe na 38(3) kuma ya ba al'ummar addinin da ke ɗaukar nauyin makaranta ita kaɗai damar koyar da addininta ga 'ya'yan mabiyanta. Takarda ta gari tana nuna yadda za a haɗa biyun a aikace. Duba ki gani: lokacin darasin Baibul, ina 'yarki za ta zauna, wa zai kula da ita? Addu'ar taron safe dole ce? Akwai wurin salla? Da azumi, ɗakin girki zai ba da sahur? Hijabi fa? Abin da shugabar makaranta ta faɗa miki da baki, ki ce a rubuta a sa hannu, don shugabanni suna canjawa.

Na buɗe makarantar Islamiyya haɗe da boko, akwai 'ya'yan Kirista kaɗan. Wani mai shagon buga takardu ya ce zai sayar mini da shiryayyar takardar ƙa'idoji da araha. — Malami, Zariya

Haba Malam! Arahar nan ba ta ado. Irin waɗannan takardu kwafe su ake yi, a goge sunan wata makaranta a sa naka, wani lokaci ma a manta tsohon sunan a shafi na uku. Cike suke da "muna girmama kowane addini", amma ba su faɗi abin da zai faru ba ranar da malami ya ce wa yaro addinin iyayensa ɓata ne, ko yara suka tsangwami Kirista a filin wasa. Wa za a kai wa ƙara? Cikin kwana nawa za a amsa? Mene ne hukuncin? Takardar da ta yi shiru a nan ba za ta cece ka ba ranar da uba ya zo ofishinka a fusace.

Zauna da malamanka da wakilan iyaye, har da Kiristocin, ku rubuta shafi biyu da kanku, da Hausa da Turanci. Ku fayyace ko tahfizi da Larabci dole ne ga kowa, da darasin addinin da za a yi wa kowane yaro rajistarsa a jarrabawar WAEC da NECO. Kuɗin da za ka ba mai shago, gara ka kai wa lauya ya duba muku.

Wane launin bango ya fi dacewa da takardar? — Wani mai makaranta, Kano

Kowanne. Rubuta cikin tukuna, Alhaji.