Kan shawa ya toshe da farin abu kamar alli: yadda za a buɗe shi fenti bai lalace ba

Tambaya: Salamu alaikum. Ruwan bohol muke amfani da shi, kuma kan shawarmu baƙi ne mai tsada. Yanzu rabin hudojin sun toshe da wani farin abu kamar alli, sauran kuma suna feso ruwa a karkace. Maƙwabciyata ta ce in zuba masa asid ɗin wanke tayil. In gwada?

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, don Allah ki ajiye wannan asid ɗin. Zai cinye farin abun cikin minti biyu, gaskiya ne, amma tare da fentin zai tafi. Na sha karɓar kan shawa da aka yi wa haka, ya yi dabbare-dabbare kamar mai makero, kuma ba shi da gyara sai sabo. Haka ruwan batir da soson ƙarfe.

Wannan farin abu sinadarin kalsiyam ne da ruwa ke kwasowa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Duk lokacin da aka rufe famfo, ɗigon da ya rage a bakin huda yana bushewa ya bar ɗan alli, gobe wani ya hau kai. Shi ne dai abin da kike gani a gindin butar dafa shayi. Tsami ne ke narkar da shi, shi ya sa toka da kanwa da bakin soda ba sa yi masa komai. Masu haɗa bakin soda da binega kuwa kashe tsamin kawai suke yi, kumfar da ke tashi ba aiki take yi ba.

Kafin ki jiƙa komai, ki duba hudojin. In na roba ne masu ɗan tsini, ki buɗe ruwa ki murza su da babban yatsa, za ki ji allin yana ɓarewa. Sau da yawa nan aikin ke ƙarewa.

In bai buɗe ba, a kwance kan. A naɗe notin da tsumma kafin sifana ta taɓa shi, don haƙoranta na barin tabo. Daga nan a buɗe famfo ba kan: in ruwan da ke fitowa daga bututu ba shi da ƙarfi, matsalar ta tanki ce ko ta layi. A ƙofar da ruwa ke shiga kan akwai wata ƴar raga da zoben roba. Ki ciro ragar ki wanke, domin yashin bohol a nan yake taruwa, zoben kuma ki adana shi, in ya ɓata shawa za ta riƙa yoyo.

Sai jiƙo, kuma nan ne ake ɓata fenti. Ki samo farin binega na girki, wanda aka rubuta 5% a jikin kwalbarsa, ki haɗa kofi ɗaya da kofi ɗaya na ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba. Kada ki nutsar da kan gaba ɗaya. Ki zuba haɗin a faranti mai faɗi, zurfinsa kamar rabin gaɓar yatsa, ki kifa fuskar shawar a ciki yadda hudojin kaɗai za su sha, baƙin bayan yana sama a bushe. Ƙananan kumfa za su fara tasowa daga hudojin, alamar allin na narkewa ke nan. Bayan minti 15 ki ɗaga, ki ɗauraye, ki goge da tsohon buroshin haƙori mai laushi. In da saura, ki sake wani minti 15 da sabon haɗi. Gara a yi gajere sau uku da a bar shi ya kwana. Kai mai ƙyalli irin na azurfa yana jure awa ɗaya ko biyu, amma baƙi da mai ruwan gwal kada su wuce rabin awa a jiƙo guda. Ni kan fara ɗiga haɗin a wuyan kan, inda ido ba ya kaiwa, in jira minti biyar in ga ko launi ya canza.

Hudar da ta ƙi buɗewa, a sa mata tsinken sakace. Allura tana yaga robar ko ta faɗaɗa hudar, ruwa ya koma fita a karkace har abada.

In abin da ya toshe hudojin ja-ja ne, to ruwanku na da ƙarfe, kuma ruwan lemun tsami da aka tace ya fi binega kama shi. Wani abu kuma da ba na wasa ba: kada binega ko lemun tsami ya haɗu da bilic a banɗaki, hayaƙin da suke fitarwa guba ne.

Da kin gama, ki tura ruwa ta ƙofar kan har ya fito fes, ki mayar da raga da zobe, a naɗa farin tef na masu gyaran famfo zagaye uku a zaren bututu, a ɗaure da hannu. Tunda ruwan bohol ɗin bai canza ba, allin zai dawo. Murza hudojin duk mako da goge fuskar da tawul bayan wanka zai sa ki daɗe ba ki sake ɗauko faranti ba.