Shakka huɗu a jimla ɗaya

Tambaya: Malam, ina shekarar ƙarshe a jami'a nan Kumasi. Na zaga gidaje 120 a Aboabo. Yara sun yi zazzaɓi a gidaje 18 cikin 60 masu gidan sauro, da gidaje 30 cikin 60 marasa shi. Na rubuta "wataƙila da alama gidan sauro na iya ɗan rage zazzaɓi", mai duba kundina ya bi ta da jan biro, wai ban ce komai ba. Ina tsoron in cire kalmomin a ƙure ni ranar kare kundi.

Amsa: Kwantar da hankalinki, 'yata, gyaran ba wuya. Abin da kika ƙirga da hannunki ba ya son "wataƙila". Rubuta shi kai tsaye: kashi 30 cikin ɗari a nan, kashi 50 a can. Shakka tana shigowa ne sa'ad da za ki faɗi dalili.

Kullum sai na ci karo da masu ɗaukar waɗannan kalmomi tamkar laya, wai in ka jera su babu mai kama ka. Masu rubuta wa ɗalibai kundi don kuɗi su suka fi yaɗa wannan, suna barbaɗa "mai yiwuwa" kamar gishiri don ba su taɓa taka unguwar ba. To ai jimlar taki, ko gidan sauro na aiki ko ba ya yi, ta yi daidai. Maganar da babu sakamakon da zai ƙaryata ta kuwa, me ta gaya wa ma'aikaciyar lafiya mai rabon gidan sauro? Masu jarrabawa ma nan suke fara sa yatsa.

Ga awon da nake yi. Ɗauki kowace kalma ki tambaye ta: shakkar me kike ɗauke da ita? Wadda ta kasa amsawa, goge ta. "Ɗan" ta fara fita, tunda tazarar 30 da 50 ba kaɗan ba ce. "Wataƙila" da "da alama" aiki ɗaya suke yi. Shakkarki ta gaskiya ita ce sau ɗaya kika zaga, kuma mai gidan sauro na iya zama mai raga a taga, ko wanda gidansa ke nesa da kwata. Sannan in bakin iyaye mata kika bi, ba gwajin jini ba, to zazzaɓi kika auna, kada ki kira shi maleriya.

Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi har lamba ya sa wa irin waɗannan kalmomi: wadda ke nufin "da yiwuwa" kashi 66 zuwa sama, "da yiwuwa sosai" kashi 90 zuwa sama.

Sai ki rubuta: "Zazzaɓin yara ya fi ƙaranci a gidaje masu gidan sauro, 18 cikin 60, idan aka kwatanta da 30 cikin 60. Gidan sauron na iya zama dalili, amma binciken bai raba tasirinsa da na ragar taga da kusancin kwata ba." Wannan za ki kai wa mai duba kundin naki.