Kofin gwajin madara da hutun wata biyu: lissafin mai saniyar tatsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shanun tatsa shida, haɗin Bunaji da Firiziyan, a bayan garin Zariya, ina sayar wa masu kindirmo da wata cibiyar tattara madara a kan naira 800 kowace lita. Sau biyu ke nan ana dawo mini da madara wai ta guntse a gwaji, kuma saniyata mafi nono, mai ba da lita 10 a rana, ta rasa kan nono ɗaya na baya bara. An yi mata barbara ranar 10 ga Maris, cikin ya kama, yanzu tana ba da lita 4. Yarona ya ce mu ci gaba da tatsarta har ta haihu don kada mu yi asara. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Matsalolin nan biyu mai yiwuwa tushensu ɗaya ne, wato ciwon hantsa, kuma zan fara da abin da ya fi araha kafin in zo kan shawarar yaronka.

Hantsar saniya ɗakuna huɗu ce, kowane ɗaki da nasa kan nono, kuma madarar wani ɗaki ba ta ratsawa zuwa wani. Ƙwayoyin cuta ta ƙofar kan nono suke shiga, su kama ɗaki guda, saboda haka saniya na iya ba ka madara mai kyau daga wurare uku, na huɗun kuma ya ɓata maka bokitin gaba ɗaya, daga nan ya ɓata jarkar da ka haɗa madarar shanu shida a ciki. Kafin hantsa ta kumbura ko ta yi zafi, madarar ce take fara canzawa, kuma canjin ya fi bayyana a tsirtowar farko. Aikin kofin gwaji ke nan. Kofi ne na roba ko na ƙarfe wanda aka ɗora wa baƙin faranti ko rariya mai ƙananan ido a bakinsa, domin farin gudaji ya fito sarai a kan baƙi. Idan ba ka same shi a shagon magungunan dabbobi ba, baƙin faranti mai santsi da aka ɗora a kan kofi zai yi aikin, muddin ana wanke shi bayan kowace tatsa.

Yadda ake yi shi ne, mai tatsa ya wanke hannunsa da sabulu, ya goge kan nonon da tsumma mai tsabta ya busar da shi, sannan ya tsirta madara sau biyu ko uku daga kan nono ɗaya a kan farantin, ya karkata shi wajen haske ya duba, kafin ya koma na gaba. Abin da yake nema shi ne gudaji kamar na nonon da ya fara barci, ko zare-zare mai yauƙi, ko madarar da ta tsinke ta koma kamar ruwa, ko launin rawaya, ko jirwayen jini. Ɗan ɗigo guda a tsirtowar farko wanda bai sake fitowa a ta biyu da ta uku ba bai kai a tayar da hankali ba, sai dai a sa wa wurin ido a tatsa ta gaba. Gudajin da ya ci gaba da fitowa kuwa ciwo ne. Idan shanunka na cikin waɗanda ba sa sakin nono sai ɗan maraƙi ya tsotsa, to a yi gwajin kafin a sako maraƙin, domin idan ya riga ku ya shanye shaidar. Madarar da ta taru a kofin a zubar da ita nesa da turke. Kada a tsirta a ƙasa inda saniya za ta kwanta, kada kuma a tsirta a tafin hannu kamar yadda na ga masu tatsa da yawa suna yi, domin hannun nan ne zai kai cutar ga saniya ta gaba.

Ranar da aka ga gudaji, wannan saniyar ta koma ta ƙarshe a layin tatsa, da nata tsumma da nata bokiti, a tatse ɗakin da ya kamu tas, kuma a kira likitan dabbobi ya zaɓi magani. Idan madarar ta koma ruwa-ruwa, hantsa ta kumbura ta yi tauri, saniya ta ƙi cin abinci, zafin jikinta ya haura digiri 39.5, wannan ba ciwon da ake kwana da shi ba ne, yana iya kashe saniya cikin kwanaki kaɗan. Madarar saniyar da ke shan magani ba ta sayarwa ba ce har sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalin sun cika, kuma ba madarar ɗakin da aka sa wa maganin kaɗai ba, ta dukkan huɗun. Ko ba don lafiyar masu sha ba, ragowar maganin yana kashe ƙwayoyin da ke sa nono ya yi barci, sai mai kindirmo ta wayi gari nononta bai kama ba, kuma da wuya ta sake dawowa wurinka.

Bari mu sa wannan a sikeli da farashinka. A ce jinya ta ɗauki kwana uku, jiran fitar magani kwana huɗu, ka zubar da lita 70, wato naira 56,000, ban da kuɗin magani da na likita. Kuɗi ne mai ciwo. Amma kan nonon da ya mutu ya fi shi ciwo, musamman na baya, domin ɗakunan baya biyu ne ke ba da kusan kashi 60 cikin ɗari na madarar saniya. Ko da sauran ukun sun ɗan cike giɓin, idan ragin ya tsaya a lita 2 a rana, cikin kwana 200 ka rasa lita 400, naira 320,000 ke nan, kuma haka za a maimaita a kowace haihuwa, sannan ranar da ka kai ta kara dillali zai lissafa kan nonon ya rage maka kuɗi.

Kofin yana da iyaka, kuma ina zaton a nan ne madararka take faɗuwa a cibiyar tattara madara. Akwai ciwon hantsa na ɓoye wanda madara ke fitowa fara tas, babu gudaji, amma saniya tana raguwa a hankali, kuma irin wannan madarar na iya guntsewa idan an gauraya ta da sifirit ɗin gwaji. Abin da ke tona shi shi ne gwajin Kalifoniya: faranti mai rami huɗu, a tsirta madarar kowane ɗaki a raminsa, a zuba ruwan gwajin daidai yawan madarar, a jujjuya, wanda ya yi kauri kamar miyar kuɓewa shi ne mai ciwon. Ka sa a yi wa shanun shida sau ɗaya a wata. Sai dai madarar da ta daɗe a rana ta fara tsami ita ma tana guntsewa, haka ta saniyar da nononta ya kusa ƙafewa, don haka ka duba tsawon lokacin da jarkarka ke ɗauka a hanya kafin ka ɗora wa hantsa laifin duka.

Yanzu ga saniyarka mai ciki. Cikin saniya yana ɗaukar kwana 283 a ƙiyasi, da ɗan bambancin mako guda gaba ko baya. Daga 10 ga Maris, haihuwa za ta faɗo wajen 18 ga Disamba, kuma idan ka cire kwana 60 na hutu, ranar da za a daina tatsarta ita ce 19 ga Oktoba. Yaronka yana kallon abin da ke hannu: lita 4 da ke ƙara raguwa, a ce lita 3 a tsakaice cikin kwana 60, lita 180, naira 144,000. Abin da bai gani ba shi ne, a wannan hutun ne tsokar hantsa mai yin madara take sabunta kanta, kuma saniyar da aka tatsa har ta haihu takan rasa wajen kashi ɗaya cikin biyar na madararta a zagaye na gaba. A saniya mai lita 10, ragin lita 2 ne a rana, cikin kwana 250 lita 500, wato naira 400,000. Sannan dakashin da za ta ba jaririn maraƙi zai yi rauni, alhali shi ne garkuwarsa ta makonnin farko.

Daina tatsar kuma a yi shi lokaci guda. Kuskuren da na fi gani shi ne a tatsa yau a tsallake gobe, ko a riƙa rage mata kaɗan saboda tausayi, alhali kowace tatsa tana sake buɗe ƙofar kan nono, tana kuma gaya wa jikin saniyar ya ci gaba da yin madara. Saniyar da ke ba da fiye da lita 10 ce ake janye wa dusa da ƙulin auduga mako guda kafin ranar, a bar ta da ciyawa da harawa. Taka mai lita 4 ba ta buƙatar wani dogon shiri. Ruwan sha kuwa ba a rage shi ko kaɗan. Idan akwai tsohon maraƙi da ke tsotsonta, dole a raba su sarai, in ba haka ba hutun na baki ne kawai.

Mako guda kafin ranar, a yi mata gwajin kofi da na Kalifoniya. Ba a rufe hantsa a kan ciwon da ke bayyane, sai an yi jinyarsa tukuna. A ranar, a tatse ta tas, a goge bakin kowane kan nono da auduga da sifirit har audugar ta daina ɗaukar datti, a fara da na nesa da mai aikin a ƙare da na kusa. Tunda ta taɓa yin ciwon, ta cancanci maganin nan na bututu da ake matsawa cikin kan nono, amma ka tabbatar likita ya ba ka na saniya mai hutu, wanda ke daɗewa makonni a hantsa, ba na mai tatsa ba. Bututu guda ga kowane kan nono mai aiki, a wannan karon a fara da na kusa don kada hannu ya goge waɗanda aka tsabtace, a shigar da bakin bututun milimita biyu ko uku kawai, sannan a tsoma kan nonon a ruwan aidin na tsoma nono. Wanda ya mutu bara a ƙyale shi. A bar ta a tsaye na rabin awa, a ɗaura mata jan ƙyalle a wutsiya, a rubuta ranar a littafi, domin idan ta haihu da wuri maganin yana nan a madararta, kuma dole a bi kwanakin da ke jikin kwalin kafin a sayar.

Hantsa za ta cika ta yi tauri na kwana biyu ko uku, wannan ba abin tsoro ba ne, kuma kada a tatsa. Makonni biyu na farko su ne masu haɗari, domin toshiyar da ke rufe ƙofar kan nono ba ta gama haɗuwa ba, ga shi a watan Oktoba ƙudan ƙarshen damina bai gama janyewa ba. A ajiye ta a busasshen turke da ake kwashe kashinsa kullum, a riƙa dubanta safe da yamma. Idan ɗakunan sun cika daidai da juna suna saki a hankali, komai lafiya. Idan ɗaya ya fi sauran girma, ya yi zafi, tana harbi in an taɓa shi, sai a tatse wannan ɗakin kaɗai a cikin kofin gwaji, a kira likita a ranar.