Kaska Ta Cika, Kuɗin Adashe Bai Cika Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni ce uwar adashenmu a Tudun Wada, Gusau. Mu mata 11 ne, hannu 12, kowane hannu naira 5,000 duk Juma'a. Biyu daga cikinmu hannu bibbiyu gare su, wasu biyu kuma sun haɗa hannu ɗaya. Sunaye nake jerawa a littafin makarantar yarona, wadda ta kawo in yi mata kaska, wato alamar ta biya. A sati na bakwai kowa na da kaska, amma 52,500 na ƙirga, na cika 7,500 daga aljihuna. In sayi babban littafi ne, ko in koma rubutawa a waya?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Littafi za ki saya, amma kafin mu je kasuwa bari mu bi sawun kuɗinki, don adadin da ya ɓace ya riga ya faɗi inda za a duba.

Zubin hannu guda 5,000 ne, na rabin hannu 2,500. In dai ba wadda ta kawo guntun kuɗi kika karɓa, babu yadda za a yi 7,500 ta fita sai da cikakken hannu ɗaya da rabin hannu ɗaya. Ke nan ɗaya daga cikin masu rabin hannun tana cikin maganar. Ban ce ta ci kuɗi ba. Abin da na fi gani shi ne mace ta makara a sati na shida, ta turo kuɗin ranar Laraba, uwar adashe ta ga alat ta ɗauka na Juma'ar da ke tafe ne. Sai kuɗi ɗaya ya sami kaska biyu: ɗaya a satin da aka yi mata kara aka cike mata, ɗaya a sabon sati. Ki buɗe saƙonnin bankinki na sati biyun, ki ƙirga sau nawa 2,500 ta shigo.

Ita kuwa 5,000, wuri biyu nake zargi. Na farko masu hannu biyu. Hajiya ta aiko yarinya da kuɗi a ƙulle a leda, kina tsakiyar tuƙa tuwo, kika tura ƙarƙashin filo kika yi kaska a gaban sunanta. Kaska ba ta san 5,000 da 10,000 ba. Na biyu ita mai kwasar ranar. Sau da yawa takan ce, "Nawa a cire a ciki." Sai a yi mata kaska alhali ko sisi bai shiga ba, ranar miƙa kuɗi kuma a manta da cirewar, a ba ta 60,000 cif. Haka ta taɓa faruwa da ni a adashen gidanmu, sai bayan wata biyu na gano ni na biya wa wata zubinta ba tare da ni ko ita mun sani ba.

To yanzu littafin. Ki nemi mai bango mai tauri wanda aka ɗinke, irin rajistar makaranta, ba mai waya a gefe ba wanda ake zare takarda ba a gane ba. Ranar da kika saya ki sa wa kowane shafi lamba daga farko har ƙarshe a gaban mutum biyu daga cikinku. Da biro za ki riƙa rubutu. In kin yi kuskure ki ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na da, ki rubuta daidai a gefe. Kada ki goge, don gurbin da aka goge ko da gaskiya aka yi shi sai ya jawo magana.

Ki buɗe shafi biyu masu kallon juna. A gefen hagu ki jera hannuwa daga 1 zuwa 12, kowane hannu da layinsa. Mai hannu biyu sunanta ya fito sau biyu, a ce lamba 3 da lamba 9. Masu rabi su raba lamba 12 gida biyu, kowacce da ɗan layinta. A sama ki ja gidaje 12 na satuttuka, kowanne da kwanan watan Juma'arsa. Cikin kowane gida adadin kuɗin za ki rubuta, da ƙaramin harafi a gefe: H in a hannu aka ba ki, T in tiransifa ce. Wadda ta makara, ki bar gidanta fayau har kuɗin ya zo, sannan ki rubuta shi a satin da ake bin ta, ki sa ranar da ya iso a ƙasa. Tsohon bashi ake fara cikewa kafin sabon zubi, kullum.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 tiransifa ta shige adashe, ta zo da nata rikicin. Kuɗi kan shigo da sunan miji, ko ɗa, ko mai shagon cirar kuɗi na bakin titi. Kada ki rubuta T don an turo miki hoton rasit. Sai kin ga kuɗin a asusunki. A bayan littafin ki ware shafi na wanda ya turo, nawa, a madadin wa. Ku kuma yanke tun yanzu wa zai ɗauki cajin cire kuɗi, don in an bar shi a kan uwar adashe, ɗari biyu yau ɗari uku gobe, kafin zagaye ya ƙare ta yi asarar da ba ta rubuta ba.

Kafin ki miƙa wa kowa kuɗi ki tara gidan satin daga sama zuwa ƙasa. Dole ya ba ki 60,000, kuma kuɗin hannu da na asusu, da zubin mai kwasa in ta ce a cire nata a ciki, su haɗu su ba da wannan adadin. Akwai gwaji na biyu, a kwance: a sati na bakwai kowane cikakken hannu ya zuba 35,000, rabin hannu 17,500, abin da aka kwasa gaba ɗaya 420,000. Layin da bai kai ba, nan matsalar take.

Kwasa kuma shafinta daban: sati, lambar hannu, nawa aka tara, me aka cire, nawa aka miƙa, sai sa hannun mai karɓa ko dangwalen yatsa, da shaida guda. Mai cewa a cire nata a ciki, ki rubuta mata 5,000 a shafin zubi, a nan kuma ki sa "an cire zubinta 5,000, ta karɓi 55,000". In kuna ba uwar adashe tukwici shi ma ya fito a rubuce. Jerin ƙuri'ar kwasa ya zauna a shafin farko, kuma in biyu sun yi musayar sati saboda biki ko haihuwa, su duka su sa hannu. Wata za ta ce, "Haba, tsakaninmu har sai da dangwale?" Ki tuna mata cewa wadda ta kwasa da wuri bashin sauran ne a kanta, kuma aya ta 282 a Suratul Baƙara ta ce a rubuta bashi.

Waya tana da amfaninta. Duk Juma'a bayan an miƙa kuɗi ki ɗauki hoton shafukan ki tura zauren ku na WhatsApp, kowa ta duba layinta tun abin bai yi nisa ba. Amma kada ta zama ita ce littafin: ana sace ta, tana faɗawa ruwa, kuma abin da aka rubuta a ciki ana iya canza shi ba wanda ya gani.

Ita 7,500 ɗinki, ki shigar da ita a sabon littafin a matsayin rancen da kika yi wa adashe a sati na bakwai, da kwanan wata. Ranar Juma'a ki karanta a gaban kowa ba tare da kin ambaci sunan da kike zargi ba, ki roƙi masu tiransifa su zo da wayoyinsu, a bi sati na shida da na bakwai hannu bayan hannu.