Takardar ajiye aikin manajan otal

"Salam 'yan'uwa. Shekara shida ina manaja a wani otal a Bompai, yanzu na samu wanda ya fi shi tsoka a Doha. Yaya zan rubuta takardar ajiye aiki ba tare da mun ɓata da maigida ba?"

Wa'alaikumus salam. Allah ya sa alheri, ɗan'uwa. Abin da za ka fi kula da shi a takardar nan shi ne kwanan wata, kuma a nan na taɓa ƙonewa. Ina ganin takardar tayin aiki na miƙa tawa da notis ɗin wata ɗaya, biza kuwa ta ƙi fitowa sai bayan wata uku. Kafin nan an ɗora wani a kujerata, na koma zaman majalisa a unguwa. Kada ka miƙa sai biza ta zo hannunka.

Daga nan ɗauko takardar da aka ɗauke ka aiki da ita. Za a ce maka Dokar Ƙwadago, sashe na 11, ta yanka wata ɗaya ga wanda ya kai shekara 5. Haka ne, amma dokar ba ta lissafa masu riƙe da shugabanci irinka cikin ma'aikatan da take nufi, don haka yarjejeniyarku ce ke aiki. In wata uku ta ce, jirginka kuma saura wata ɗaya, ko ka biya albashin wata biyun da suka rage, ko ka roƙi Alhaji ya yafe, a rubuce.

Ita takardar, ko da wane harshe ka yi ta, kada ta wuce haka: "Ina sanar da ajiye muƙamina na manaja. Ranar aikina ta ƙarshe ita ce 30 ga Yuni. Na gode da amanar da aka ba ni tsawon shekara shida, kuma zan kammala miƙa ragama kafin ranar." Ban da sunan sabon wurin, ban da ƙorafin albashi. Amma fa ka fara samunsa gida bayan la'asar ka faɗa masa baki da baki, don mutanenmu na jin ciwon tsintar irin wannan labari a ambulan. Ka yi kwafi biyu, a sa hannu da kwanan wata a naka.

Miƙa ragamar ma da takardarta daban. Rubuta duk kafin alƙalamin da aka karɓa na zauren biki da ranakunsu, bashin kamfanonin da ke sauke baƙi, kuɗin masu kawo dizal da kayan kicin, da makullan sito. Wani abokina ya manta da kafin alƙalamin wani ɗaurin aure, aka ba gida biyu zaure ɗaya ranar Asabar guda, har can ƙasar waje ana kiransa ana tambayar ina kuɗi.

Kafin ranar ƙarshe ka duba asusun fanshonka ko an zuba na kowane wata, ka kuma karɓi takardar shaidar aiki mai hatimi tun kana shiga ofis ana gaishe ka.