Yadda Mai Sayar da Abinci Za Ta Tsara Tallan Wata Guda a Zama Biyu

Tambaya: Abinci nake sayarwa, daga asuba har dare ina kicin. Sai na yi mako biyu ban ɗora komai a Instagram da Facebook ba. Ta yaya zan tsara na wata guda?

Amsa: 'Yar'uwa, ki cire ɗorawa kullum daga ranki, masu yin haka galibi suna da mai taya su. Sau 3 a mako ya ishe ki, wato guda 12 a mako huɗu. Ki ba kowace rana aikinta: Litinin abincin da aka fi saya, Laraba gajeren bidiyon girki ko zubawa, Juma'a yadda ake yin oda da lokacin rufewa. Da kin yi haka, kin huta da tunanin me za ki ɗora.

Zama na farko na ɗaukar hoto ne, kuma ba sai kin yi girki na musamman ba. Ranar da kika dafa kala uku ko huɗu, ki zuba faranti ɗaya na kowanne kafin masu saye su taru, ki ajiye shi kusa da taga. Ki kashe filashi, domin yana sa maiƙo ya yi ƙyalli har abincin ya yi kamar ya kwana. Ki goge gilashin kyamara tukuna, tururi da maiƙo ne ke sa hoton kicin ya yi hazo. Kowane faranti ki ɗauke shi daga sama, sannan daga gefe, ki ƙara da bidiyon daƙiƙa 10 zuwa 15, wayar a tsaye. Faranti huɗu sun ba ki 12 ke nan.

Zama na biyu, kamar awa ɗaya, na rubutu ne da sa lokaci. Manhajar Meta Business Suite kyauta ce, a sashen Planner za ki zaɓi rana da awa, ta ɗora da kanta a shafukan biyu. Sharaɗin shi ne Instagram ɗinki ya zama na kasuwanci, a haɗe da shafin Facebook. Layi uku sun isa: sunan abincin, lokacin da ake samunsa, da hanyar oda. Ki saita kowanne ya fita kamar awa ɗaya da rabi kafin lokacin cin abinci, tun mutum bai yanke shawarar inda zai saya ba.

Inda ake tafka kuskure shi ne sa abin da ke canzawa a cikin tsarin wata. Hoto ya fita ranar 20 ga wata da tsohon farashi, ko yana tallan abincin da ba a dafa ba ranar, mai saye ya kira a ce babu. Irin wannan ki bar wa Story da WhatsApp Status, waɗanda ke ɓacewa bayan awa 24. Kowace Lahadi da dare ki duba ukun da ke tafe, in akwai ranar da ba za ki buɗe ba, ki matsar da nata.

A ƙarshen wata kada ki auna da yawan masu danna so. Ki riƙa tambayar sabon mai saye inda ya gan ki, kina rubutawa a littafin oda. Irin hoton da ya kawo ciniki, ki ba shi ranar da ba ta kawo komai ba.