Wau da ya ɓace bayan "lam": amsar malam marubuci ga yaronsa

"Malam, Allah ya gafarta. Jiya da ka duba shafin da na kwafa, ka sa na kankare wau a lam yaƙul da lam yad'u, amma da na cire shi a lam yaƙuuluu ka ce in mayar. Yaya zan gane inda ake jefar da baƙin da inda ake barinsa?"

Ɗana, kalmomin nan da ka haɗa ciwonsu ba iri ɗaya ba ne, ko da yake a ido duk wau ne ya ɓace. Haruffan illa uku ne: alif, wau da ya. Idan ɗayansu ya zauna a tsakiyar asalin fi'ili, malaman sarfu suna kiran fi'ilin ajwafi, kamar ƙaala da baa'a da khaafa. Idan a ƙarshe ya zauna sai su ce naƙisi, kamar da'aa da ramaa. Zan riƙa ninka wasali a rubutun nan duk inda akwai ja, don ka ga baƙin da muke magana a kai.

Mu fara da na tsakiya. Ɗauki yaƙuulu. Baƙaƙensa huɗu: ya, ƙaf, wau, lam, kuma rufu'a tana kan lam. Da lam ta jazmu ta shigo, aikinta guda ne, ta ɗauke rufu'ar nan ta ɗora ɗauri a baƙin ƙarshe. Ba ta taɓa wau ba ko kaɗan. To amma wau ɗin ja shi ma ɗaurarre ne, ko da ba ka zana masa ɗaurin ba. Ka ga ɗauri biyu sun yi karo, wau da lam, kuma Larabci ba ya barin haka a irin wannan wuri. Dole ɗaya ya tashi, sai aka tayar da mai rauni, domin rufu'ar da ke kan ƙaf ta isa ta nuna cewa da wau a wurin. Aka sami lam yaƙul. Haka yabii'u ya koma lam yabi', yakhaafu ya koma lam yakhaf. Kana karanta wannan kullum a Ƙulhuwa: wa lam yakun lahuu, asalinsa yakuunu.

Tunda karon ɗauri ne ya kore shi, duk inda karon ya kau baƙin yana dawowa. A lam yaƙuuluu na jam'i, asalin yaƙuuluuna ne. Abin da jazmu ya ci a nan shi ne nun ɗin ƙarshe, lam kuwa tana nan da rufu'arta, don haka babu abin da zai kori wau na tsakiya. Dubi fi'ili ɗaya a wurare uku cikin Alƙur'ani. Idan mutum ɗaya namiji ake hanawa, laa takhaf, ba alif. Da aka yi wa Annabi Musa da Haruna magana su biyu a Ɗaha, laa takhaafaa. Da aka yi wa mahaifiyar Musa magana a Ƙasas, wa laa takhaafii. Kafin ka yanke hukunci, sa yatsa a kan baƙin da ke bin harafin illa. In ɗaurarre ne, harafin ya tafi. In yana da wasalinsa, harafin yana nan.

Akwai wuri ɗaya da wannan gwajin zai iya yaudararka, kuma ina so ka riƙe shi da kyau. A farkon surar Lam yakun muna karanta lam yakunil laziina, nun da wasali ƙasa, amma wau bai dawo ba. Dalili shi ne wannan wasalin aro ne, an kawo shi ne kawai don nun ta haɗu da lam ɗin kalmar gaba. A hukunci nun ɗin ɗaurarriya ce har yanzu. Haka ma ƙumil laila a Muzzammil. Wasalin da kalmar gaba ta jawo ba ya mayar da abin da ya faɗi.

Na ƙarshe kuwa sha'aninsa daban. A yad'uu da yarmii da yakhshaa, baƙin ƙarshe tun asali ba ya ɗauke da wasalin da ake ji, balle lam ta cire. Sai ta cire baƙin gaba ɗayansa, wasalin da ya gabace shi ya tsaya a gajarce: lam yad'u, lam yarmi, lam yakhsha. Nan faɗuwar baƙin ita ce alamar jazmun kanta, kamar yadda ka haddace a Ajurumiyya cewa alamun jazmu biyu ne, sukun da hazfi, wato ɗauri da jefar da baƙi. Saboda haka in ana i'irabi, lam yaƙul alamarsa ɗauri ce, lam yad'u alamarsa jefar da harafin illa. Kada ka kuskura ka ɗora ɗauri a kan ain ɗin lam yad'u. Rufu'a ce wurin, ita ce shaidar wau da ya tafi, kamar yadda wasali bisa a kan ra na alam tara yake shaidar alif.

Mu marubuta a nan muka fi faɗawa rami, domin kunne ba ya taimako ko yaushe. Ka ce ana yi maka shifta, mai karatu ya ce yarmil waladu, can gaba ya ce lam yarmil waladu. A baki ba su da bambanci, saboda ja yana gajarcewa gaban alif da lam. A takarda kuwa na farko da ya, na biyu babu. Idan ka bi kunne za ka ɓata ɗaya. Waiwaya ka ga abin da ya gabaci fi'ilin: lam, lammaa, lam ɗin umarni, laa ta hani, ko kayan sharaɗi irin su in da man.

Laa ta fi kowanne wahalar da yara, don iri biyu ce, ta hani da ta korewa, kuma ta hani kaɗai ke jazmu. A Ƙasas an ce wa Ƙaruna wa laa tansa nasiibaka, wato kada ka manta, sai alif ya faɗi, sin ta tsaya da wasali bisa. A Sabbi kuma sanuƙri'uka falaa tansaa, wato ba za ka manta ba, alkawari ne, alif yana nan a surar ya. Fi'ili ɗaya ne, ma'anar laa ce ta raba rubutunsu. Shi ya sa nake hana ku kwafar layin da ba ku san fassararsa ba. Ka kuma lura da jam'i: lam yad'uu da wau da alif a bayansa yana nufin su ba su kira ba, wannan wau na mutane ne, ba na asalin kalma ba. Ka cire shi, ka mayar da jama'a mutum ɗaya.

Duk wannan ƙa'ida ta littattafai ce da wasiƙu. In Alƙur'ani kake rubutawa, uwar da kake kwafa daga gare ta ita ce hukunci. Buɗe ƙarshen Iƙra. Falyad'u naadiyahuu ba wau, kuma daidai da ƙa'ida, don lam ɗin umarni ta shiga. Ayar da ke biye, sanad'uz zabaaniyata, babu abin da ya yi mata jazmu, amma ita ma a mus'hafi ba wau, haka rasmu, wato salon rubutun mus'hafi, ya zo da ita, yana bin yadda ake furtawa. Kada nahawunka ya kai hannunka ka ƙara mata wau. Kuma kada ka ɗauke ta hujja ka riƙa zubar da wau a sanad'uu idan littafin fiƙihu ne a gabanka.

Gobe in Allah ya kai mu, wanke allonka ka rubuta mini baa'a da ramaa bayan lam, na mutum ɗaya, na biyu, na jam'i, da na mace da ake wa magana, da wasullansu cikakku. Ka kawo kafin ka taɓa takarda.